Kuɗin Makarantar da Ya Ɓace Tsakanin Banki da Ofishin Ma'aji

Kuɗin makaranta ba ya zama biyayye don kawai ya fita daga asusun uba ko uwa. Sai ranar da ma'ajin makaranta ya gan shi a asusun makarantar, ya gane na wane ɗalibi ne, ya rubuta shi a gaban sunan ɗalibin, sannan biya ta tabbata. Tsakanin fitar kuɗin da wannan rubutun ne ake samun tangarɗa. Banki ya cire kuɗi, saƙo ya shigo waya, amma an koro yaro daga aji, ko shafin jami'a ya ƙi buɗe wa ɗalibi rajista. A mafi yawan lokuta kuɗin yana nan zaune a wani wuri, sai dai babu suna a jikinsa, ko kuma sunan da ke jikinsa ba na mai shi ba ne. Saboda haka abin da ake fara nema shi ne inda kuɗin yake a yanzu, domin wanda kuɗin ke hannunsa shi kaɗai ne zai iya sakinsa. Mutane da yawa sukan ɓata makonni suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, suna rigima da banki alhali maganar tana ofishin makaranta, ko suna rigima da makaranta alhali ko kwabo bai isa gare ta ba.

Mafi sauƙin warwara shi ne kuɗin da ya shiga asusun makarantar amma ba a san na wane ne ba. Wannan ya fi yawa a makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu, inda ake ba iyaye lambar asusu a ce su biya su kawo shaida. A da, lokacin da ake zuwa banki a cika takardar biya da hannu, akwai gurbin sunan mai biya, iyaye su rubuta sunan yaro da ajinsa, su kai wa makaranta kwafinta. Yanzu da aka koma tura kuɗi ta waya da ta wurin masu POS, abin da ma'aji ke gani a takardar shige da ficen asusun makaranta shi ne sunan mai asusun da kuɗin ya fito. In kawu ne ya biya, sunan kawu zai gani. In ta wurin mai POS aka bi, sunan mai POS ɗin ko sunan shagonsa zai gani, kuma mai yiwuwa sunan nan ya fito sau goma a mako guda, domin iyayen unguwa ɗaya wurin mutum ɗaya suke zuwa.

A ɗauki misalin wani magidanci da ke da yara uku a makaranta ɗaya, kowannensu kuɗin zangonsa naira 45,000. Ya je wurin mai POS da yammacin wata Juma'a, ya ba shi naira 135,000 a dunƙule tare da ladan aiki, aka tura, aka ba shi ɗan rasit. Ba a rubuta komai a gurbin bayani ba. Bayan mako biyu makaranta ta fitar da sunayen waɗanda ba su biya ba, yaransa uku suna ciki. Ma'aji bai yi ƙarya ba. Shi yana bin takardar banki yana neman 45,000 da sunan gidan yaran, abin da ke gabansa kuwa 135,000 ne da sunan wani shago. Irin wannan kuɗin akan ware shi gefe guda a littafi a matsayin wanda ba a gano mai shi ba, ya zauna har a zo nema.

Abin da zai fitar da magidancin nan abubuwa huɗu ne da za su haɗu su nuna layi ɗaya tak a takardar bankin makaranta: ranar da aka tura da sa'arta, adadin daidai har kwabo, sunan asusun da kuɗin ya fito, da lambar da ake kira Session ID. Wannan ta ƙarshen ita ce mafi ƙarfi. Yawancin kuɗin da aka tura nan take daga wani banki zuwa wani a Najeriya yana bi ta hannun hukumar NIBSS, kuma kowace turawa tana da lamba mai alƙaluma 30 da babu wata mai irinta. Bankin da ya tura da wanda ya karɓa duka suna iya ganinta. In ba ta fito a ɗan rasit ɗin ba, mai POS zai iya duba tarihin cinikinsa na ranar ya fito da ita. Da wannan a hannu, magidancin ya rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa zuwa ga ma'aji, ya sa sunayen yaran uku da azuzuwansu da lambobinsu, ya bayyana cewa a raba kuɗin 45,000 kowanne, ya liƙa kwafin rasit. Sau da yawa a zama ɗaya ake gamawa, a ba shi rasit ɗin makaranta guda uku. Wannan rasit na makaranta shi ne abin adanawa. Na POS kuwa rubutunsa kan goge bayan ɗan lokaci, musamman in ya sha zafi a aljihu, don haka gara a ɗauki hotonsa tun ranar da aka karɓe shi.

Iyaye kan ji haushi in ma'aji ya ƙi karɓar hoton saƙon banki da aka nuna masa a waya. Amma yana da hujja. Saƙon cire kuɗi yana nuna cewa kuɗi ya fita ne kawai, ba ya nuna cewa ya isa. Akwai turawar da kan maƙale a hanya ta dawo wa mai ita daga baya, ga kuma masu haɗa saƙon ƙarya da ya yi kama da na gaskiya sak. Ma'ajin da ya rubuta rasit kafin ya ga kuɗin a takardar banki, daga aljihunsa zai cika in an zo bincike. Wani abin da kan jawo ruɗani kuma shi ne makaranta ɗaya mai asusu biyu ko uku, na firamare daban, na sakandare daban, na ƙungiyar iyaye da malamai daban. Kuɗin zangon da ya faɗa asusun ƙungiyar iyaye bai ɓata ba, amma masu sa hannu a wannan asusun wasu mutane ne daban, sai an jira sun hadu sun mayar da shi. In aka nuna shaida, yawancin shugabannin makarantu sukan bar yaro a aji kafin a kammala.

A jami'o'i da kwalejojin gwamnatin tarayya lamarin ya sha bamban, kuma nan ne aka fi shan wahala. Tun shekarar 2015, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta tilasta aiki da Asusun Bai-ɗaya, waɗannan makarantu ba sa tara kuɗin ɗalibai a asusunsu na bankunan kasuwanci. Kuɗin yana tafiya Babban Bankin Najeriya ne ta hanyar Remita, manhajar da kamfanin SystemSpecs ya ƙirƙira. A wannan tsari babu lambar asusun da za a tura wa kuɗi. Abin da ake biya shi ne lamba mai alƙaluma 12 da ake kira RRR. Lambar tana ɗauke da sunan makarantar da za ta karɓa, da sunan mai biya, da dalilin biyan, da adadin kuɗin, kuma sau ɗaya ake biyanta. Reshen bankin da aka je ko manhajar wayar da aka yi amfani da ita hanya ce kawai. Da zarar biya ta wuce, ma'aikacin bankin ba shi da ikon dawo da ko sisi, komai roƙon da aka yi masa.

Muhimmin abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa ana iya fitar da RRR ta hanya biyu. Ana iya fitar da ita daga cikin shafin rajistar makarantar, bayan ɗalibi ya shiga da lambarsa, ana kuma iya fitar da ita kai tsaye daga shafin Remita ta hanyar zaɓar sunan makarantar. Duka biyun suna kai kuɗi asusun jami'a. Amma ta farkon ce kaɗai shafin rajista ya sani, domin shi ya nemo ta, ya ajiye ta a gaban lambar ɗalibin, yana jiran labarin an biya ta. Ta biyun kuwa baƙuwa ce a wurinsa. Shi ya sa makarantu da yawa ke gargaɗin kada a fitar da RRR a ko'ina sai a shafinsu. Akasari a shagon kwamfuta ake yin wannan kuskuren, ranar da shafin jami'a ya cunkushe ana gab da rufe rajista, mai shago ya ga layi ya yi tsawo ya ce akwai gajeriyar hanya.

Ga yadda lamarin kan kasance. Wata ɗaliba 'yar aji biyu ta biya kuɗin rajista, an ba ta rasit na Remita, amma shafinta har yanzu yana nuna ana binta. Matakin farko ba zuwa ofis ba ne. Sai ta fara duba matsayin lambar a shafin Remita, inda za a ga ko an biya ta ko ba a biya ba, a kuma iya sake buga rasit. In shafin ya nuna ba a biya ba alhali an cire kuɗi, maganar ta banki ce ko ta mai POS, kuɗin bai bar hannunsu ba, kuma su za a bi. In ya nuna an biya, sai ta kwatanta lambar da ke kan rasit da wadda ke cikin shafin rajistarta. In lambobin ɗaya ne, matsalar ƙarama ce, saƙon biyan ne bai iso shafin makaranta ba. Yawancin shafukan suna da wurin latsawa don a sake tambayar Remita, wasu sun rubuta Requery, wasu Verify Payment ko abin da ya yi kama da haka. Sau da yawa latsawa ɗaya ta wadatar, in ta ƙi sai a je sashen kwamfuta na jami'ar su gyara da hannu.

In kuwa lambobin sun bambanta, sai a karanta rasit ɗin da kyau layi-layi, domin a cikinsa amsar take. Wace makaranta aka rubuta a matsayin mai karɓa? Sunan wa ke jiki? Me aka ce an biya? Idan makarantar daidai ce, sunan ma nata ne, amma an fitar da lambar a waje ko an zaɓi wani dalili daban, misali kuɗin ɗakin kwana maimakon kuɗin rajista, to kuɗin yana hannun jami'ar, kuma ofishin ma'aji ne zai yanke. Ɗalibar za ta rubuta wasiƙa zuwa ga ma'ajin jami'a, a wasu wuraren ta hannun shugaban sashenta ko ofishin kula da al'amuran ɗalibai, ta sa cikakken sunanta da lambar rajista da sashe da shekarar karatu, da RRR ɗin da ta biya, da wadda ya kamata ta biya, da ranar biya da adadi. Ta haɗa da rasit na Remita, da shaidar banki, da kwafin katin shaidarta. Ta yi kwafi biyu, a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ta riƙe. Wannan kwafin mai hatimi shi ne zai yi mata magana ranar da aka ce ba a ga fayil ba.

A wasiƙar yana da kyau a faɗi abin da ake so a fili, domin abu biyu ne mabambanta. Ana iya roƙon a ɗora kuɗin a kan lambar ɗalibar, ana iya roƙon a mayar mata da shi. Na farkon aikin littafi ne a cikin gida, akantoci su tabbatar kuɗin ya shigo, su umarci sashen kwamfuta ya buɗe mata rajista. Na biyun kuwa fitar da kuɗi ne daga asusun gwamnati, sai an rubuta takardar biya, masu binciken kuɗi na cikin gida sun duba, manya sun sa hannu, abin da kan ɗauki makonni ko watanni. Duk inda makaranta ta yarda da ɗorawa, ita ta fi. Wasu makarantun ba sa yarda, sai su ce a sake biya daidai sannan a nemi mayarwa.

Mafi ɗaci a wannan babin shi ne biyan RRR ta wani. Yana faruwa in mai shago ya buga takardu da yawa ya cakuɗa su, ko yaro ya tura wa mahaifinsa lamba ta waya alƙalami ɗaya ya canja, ko da yake sunan da ke fitowa kafin a biya ya kamata ya tsayar da mai lura. A nan shafin makaranta ya riga ya rubuta cewa wancan ɗalibin ya biya, mai yiwuwa har ya yi rajista. Hanya mafi gajarta ita ce a nemo shi ta ofishin ma'aji, in kuɗinsu ɗaya ne shi ya biya lambar wanda ya biya tasa, a rubuta yarjejeniya a gaban jami'in makaranta. In ya ƙi, ma'aji yana da ikon bincika wanda kuɗin ya fito daga asusunsa, kuma nan ne shaidar banki mai ɗauke da sunan mai biya ke da amfani. Wanda ya ba da tsabar kuɗi a shago ba tare da wata takarda ba, hujjarsa tana da rauni ƙwarai.

Akwai kuma kuskuren zaɓar wata makarantar daban a jerin sunaye. Jami'ar Tarayya ta Dutse a Jigawa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a Katsina, alal misali, farkon sunansu iri ɗaya ne, mai gaggawa zai iya latsa wadda ba ita ba. Mutane kan ce ai duk asusun gwamnati ɗaya ne, a daidaita kawai. Ba haka abin yake ba, domin kowace hukuma da lissafinta a cikin Asusun Bai-ɗaya. Makarantar ɗalibin ba ta karɓi komai ba, kuma ba za ta iya janyo kuɗin wata ba. Dole a rubuta wa ma'ajin makarantar da ta karɓa a nemi mayarwa, kuma wasiƙar gabatarwa daga makarantar ɗalibin, mai tabbatar da cewa nasu ne, tana sauƙaƙa aikin.

Daga nan sai kuɗin da ya faɗa asusun wani mutum da babu ruwansa da makarantar. Lambar asusu ta alƙaluma 10 da ake amfani da ita a Najeriya an tsara ta ne yadda alƙalamin ƙarshe ke tantance sauran, saboda haka kuskuren alƙalami ɗaya galibi manhaja takan ƙi shi. Abin da ya fi jefa mutane shi ne zaɓar bankin da ba shi ba, domin lamba ɗaya tana iya kasancewa ta makaranta a wannan banki, ta wani ɗan kasuwa a wancan. Sunan mai asusu yana fitowa kafin a tura, amma mai sauri ba ya karantawa.

A nan lokaci ne komai. A sanar da bankin da kuɗin ya fita a ranar, a rubuce, tare da Session ID, a karɓi lambar ƙorafi. In ta wurin mai POS aka tura, shi ne mai asusun, shi kamfaninsa zai saurara, don haka dole a tafi tare da shi. Bankin mai turawa zai tuntuɓi bankin da ya karɓa. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2018 kan tura kuɗi nan take ta tanadi cewa bankin da ya karɓa ya riƙe wannan adadin a asusun, ya nemi amincewar mai asusun kafin a mayar. Banki ba ya cire kuɗi daga asusun mutum don wani ya ce nasa ne. In mai asusun ya amince, magana ta ƙare cikin kwanaki. In ya ƙi ko ba a same shi ba, a aikace bankuna sukan nemi a kawo umarnin kotu, wanda ke buƙatar takardar rantsuwa da lauya da kuɗin da wani lokaci kan kusa kai abin da ake nema. In kuma ya riga ya kwashe kuɗin kafin a riƙe, sai dai a bi shi bashi ta hanyar hukuma. Bankin da ya yi shiru da ƙorafi har mako biyu, ana iya kai ƙararsa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, tare da shaidar cewa an fara kai masa kuka.

A duk wannan makaranta ba ta da alhaki, kuma bashinta yana nan a kan iyaye, sai dai a roƙi ɗaga ƙafa. Banbanci ɗaya shi ne in ita ce ta ba da lambar da ba daidai ba a takardarta, ko wani ma'aikacinta ya ba da asusun kansa ya ce a biya ta nan. Wannan na biyun ya kamata ya sa kowane uba ya dakata. Asusun makaranta sunan makaranta yake ɗauka, kuma saƙon da ya shigo waya yana cewa an canja asusu, a tura wa wannan sabon, ana tabbatar da shi ne da ƙafa a ofis. Kuɗin da ya tafi ta wannan hanyar damfara ce, ana kai rahotonta ga banki nan take da sunan damfara, sannan ga 'yan sanda.

Tambayar da ta fi damun iyaye ita ce ko a sake biya kafin a warware na farkon. In ba a riga an duba matsayin biyan ba, sake biya ganganci ne, domin sau da yawa na farkon yana nan lafiya, jinkirin saƙo ne kawai, sai a wayi gari an biya sau biyu ana neman mayarwa. Haka nan in an tabbatar kuɗin yana hannun makarantar, abin nema shi ne takarda daga ma'aji da za ta ba ɗalibi damar rajista ko shiga jarrabawa kafin a gama gyara. Amma in kuɗin yana hannun wata makarantar ko wani mutum, ranar rufe rajista kuma ta ƙarato, lissafin ya canja. Tarar makara, ko rasa zango gaba ɗaya, ta fi ciwo a kan jiran mayarwa. Mai hali ya biya daidai ta shafin makaranta, ya ci gaba da bin na farkon da takardunsa. Wanda ba shi da hali ya rubuta wa magatakardan makarantar yana neman ƙarin lokaci tun kafin ranar rufewa, ya haɗa da lambar ƙorafin banki ko kwafin wasiƙarsa mai hatimi. Idan mayarwar ta zo, akasari asusun da ke ɗauke da sunan ɗalibin ko na wanda ya biya ake turawa, kuma ladan banki da na mai POS da aka kashe a biyan farko ba ya cikin abin da ake mayarwa.